Ciwon Agara: Jijiyar da Nauyi Ke Warkarwa

Mai ciwon agara yakan kwana lafiya lau. Sai ya sauko da ƙafa daga gado da asuba yake jin bayan ƙafarsa, ɗan sama da dunduniya, ya sandare ya ƙi saki. Takun farko da ɗingishi yake yinsa, na biyu ma haka, amma kafin ya isa masallaci wurin ya yi laushi. A filin ƙwallo ma haka abin yake. Minti goma na farko akwai zafi, da jiki ya ɗumama sai zafin ya lafa, mutum ya buga wasansa har a tashi. Washegari ne yake gane kurensa.

Wannan lafawar ce take yaudarar magidanta 'yan shekara arba'in zuwa hamsin da ke haɗuwa ranar Asabar ko Lahadi su taka leda, ko su buga tanis, ko su yi gudun safe. Tunda ciwon yana tafiya da kansa, sai a ɗauka ba wani abu ba ne. A shafa man zafi, a haɗiyi ƙwaya biyu, a ci gaba. Bayan wata huɗu ko shida, idan jijiyar ta yi kauri kuma hawa bene ya zama aiki, sai a koma ɗaya ɓangaren: a rataye takalmi, a zauna a gida ana jiran ta warke. Duka hanyoyin biyu ba sa kaiwa gaci. Abin da binciken likitoci ya fi tsayawa a kai cikin kusan shekara talatin da suka wuce shi ne, agara tana samun sauƙi ne idan aka ɗora mata nauyi, a hankali, bisa lissafi, na tsawon watanni.

Me ke faruwa a cikin jijiyar

Agara ita ce jijiya mafi kauri da ƙarfi a jikin ɗan Adam. Ba hanyar jini ba ce, maɗauri ce da ke haɗa tsokar sha-raɓa da ƙashin dunduniya, tsawonta kusan santimita 15. Tsokoki biyu ne suke haɗuwa a kanta. Ɗaya tana sama-sama, ta faro daga bayan gwiwa, ita ce ake gani ta kumburo idan mutum ya yi ɗage. Ɗayar tana ƙarƙashinta, mai faɗi, ba ta tsallaka gwiwa ba. Wannan bambancin zai yi mana amfani a gaba, domin ta sama ta fi aiki idan gwiwa na miƙe, idan kuwa gwiwa na lanƙwashe sai aikin ya fi komawa kan ta ƙasa.

A kowane takun gudu, agara tana miƙewa kaɗan ta tara ƙarfi, sannan ta sake shi ta cilla mutum gaba. Ƙarfin da ke bi ta cikinta a lokacin gudu yakan kai ninki shida zuwa takwas na nauyin jiki. Ke nan mai kilo 80 yana ɗora wa jijiyar da ba ta fi kaurin yatsa ba abin da ya kai kusan kilo 500, sau ɗaruruwa a wasa guda.

Jikin jijiyar tamkar igiyar guga ne: zarurruka masu yawa da aka tufka suka miƙe layi ɗaya. Zaren wani sinadari ne da ake kira kolajin. Idan aikin da ake ba ta ya fi abin da take iya gyarawa tsakanin wasa da wasa, sai tufkar ta fara hargitsewa a wani yanki, ruwa ya taru a tsakanin zarurrukan, wurin ya yi kauri, ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin jin zafi su kutsa ciki. Likitocin da suka yanki tsokar wurin suka duba a madubin likita sun tarar cewa a ciwon da ya daɗe, ba irin kumburin ƙurji ko na targaɗe ba ne ya fi yawa, lalacewar tsarin zare ce. Shi ya sa ƙwayoyin kashe kumburi suke rage raɗaɗi na kwana biyu amma ba sa taɓa tushen matsalar.

Akwai kuma dalilin da ya sa gyaran yake da nawa. A shekarar 2013 wasu masu bincike a birnin Kwafanhagan na ƙasar Denmak suka auna shekarun zarurrukan da ke tsakiyar agara. Sun yi amfani da burbushin gwajin bama-baman nukiliya na shekarun 1950 da 1960, wanda ya shiga iska da abinci ya bar alama a jikin duk wanda ya rayu a lokacin. Sai suka gano cewa yawancin zaren da ke tsakiyar jijiyar an saƙa shi ne a kusan shekara 17 na farkon rayuwa, bayan nan sabuntawar kaɗan ce ƙwarai. Tsoka takan ƙara ƙarfi cikin 'yan makonni, huhu da zuciya ma haka, amma jijiya sai an yi watanni. Ɗan shekara 45 da ya dawo fili bayan dogon hutu zai ji numfashinsa ya dawo tun kafin agararsa ta shirya, kuma a wannan giɓin ne ciwon yake shigowa.

Saboda haka idan aka bi tarihin mai ciwon, kusan kullum akan tarar da wani sauyi na farat ɗaya. Ko dai an yi wata guda na azumi ba a taɓa ƙwallo ba, sai bayan salla aka shiga gasar unguwa ana buga wasa uku a mako. Ko an tashi daga fili mai yashi an koma busasshiyar ƙasar rani ko kan kwalta. Ko teɓa ta ƙaru da kilo bakwai ba a lura ba. Ciwon sukari da yawan kitse a jini su ma suna rage ingancin jijiya.

A fara sanin wurin da ke ciwo

Kafin a fara kowane motsa jiki, a sa yatsa ɗaya a nuna wurin ciwon daidai. Wurare uku ne ake rikitawa.

Idan zafin yana santimita 2 zuwa 6 sama da inda jijiyar ta manne da ƙashi, wato kamar faɗin yatsu biyu zuwa huɗu sama da dunduniya, kuma idan aka matse wurin da yatsu biyu ana jin zafi, wani lokaci har da ɗan ƙulli, wannan ciwon tsakiyar agara ne. Shi ya fi yawa, kuma shi ya fi jin magani. Idan kuwa zafin yana can ƙasa, a bayan ƙashin dunduniya inda bakin takalmi sau-ciki yake gogawa, to ciwon mahaɗa ne, kuma tsarinsa ya ɗan bambanta kamar yadda za mu gani. Idan zafin a ƙarƙashin dunduniya yake, inda ake taka ƙasa, wannan wata matsala ce daban ta shimfiɗar tafin ƙafa, ba agara ba.

Akwai kuma halin da motsa jiki haramun ne a cikinsa sai an ga likita. Babba shi ne tsinkewar jijiyar. Wanda abin ya same shi yakan ji kamar an haure shi ko an jefe shi da dutse a bayan ƙafa, har ya waiwaya neman wanda ya yi, ga shi babu kowa kusa. Wasu sukan ji ƙarar tas. Abin da ke ruɗarwa shi ne mutum yana iya takawa da ɗingishi bayan haka, sai a ce targaɗe ne a nufi wurin maɗori. Gwajin da likitoci ke yi mai sauƙi ne: mutum ya kwanta rub da ciki, ƙafafunsa na reto a bakin gado, a matse tsokar sha-raɓa da hannu. Idan jijiyar na haɗe, tafin ƙafar zai motsa da kansa. Idan bai motsa ba, a tafi asibiti a ranar, domin jinkirin makonni yana sa bakunan jijiyar su ja da baya, gyaran ya yi wuya. Haka nan sha-raɓar da ta kumbura ta yi zafi rau, musamman bayan doguwar tafiya a mota ko jirgi, tana iya zama gudan jini a hanyar jini, wannan ma na gaggawa ne.

Sai maganar magunguna, wadda ta shafe mu ƙwarai. Sifirofuloksasin, wanda ake kira sifiro a kemis kuma ake yawan sha da sunan taifot, da 'yan uwansa irin su ofuloksasin da lebofuloksasin, suna iya raunana agara har ta tsinke. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi mafi tsanani a kan kwalayensu tun 2008. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60 da wanda yake haɗa su da magunguna irin su deksa ko firedinisolon. Duk wanda agararsa ta fara ciwo yana cikin shan irin wannan magani, ko jim kaɗan bayan gamawa, ya dakatar da wasa ya koma wurin likitan da ya rubuta masa nan take.

Daga Umiya zuwa Kwafanhagan

Wanda ya fito da wannan hanya fili shi ne Håkan Alfredson, likitan ƙashi a garin Umiya da ke arewacin Suwidin. A 1998 ya wallafa sakamakon mutum 15 masu gudun motsa jiki, matsakaicin shekarunsu kusan 44, waɗanda ciwon ya daɗe tare da su har ya hana su gudu. Ya sa su tsaya a bakin matakala da gaban tafin ƙafa, su hau sama da lafiyayyar ƙafa, sannan su sauko a hankali da mai ciwon har dunduniya ta wuce bakin matakalar. Zubi uku na sau 15 da gwiwa a miƙe, zubi uku da gwiwa a lanƙwashe, safe da yamma, kullum. Jimla sau 180 a rana, har mako 12. Ya ce su jure matsakaicin zafi, idan aikin ya daina yi musu zafi su goya jaka mai nauyi. Bayan wata uku dukkansu sun koma gudu.

Mutum 15 ba su da yawa, kuma binciken da aka yi daga baya bai samu nasarar da ta kai wannan cika ba. Amma ya karya tunanin da aka daɗe a kai cewa jijiya mai ciwo sai lallaɓawa ko tiyata.

Tambaya ta gaba ita ce, wane irin zafi ne za a jure? Karin Silbernagel da abokan aikinta a Gotenbag, a ƙasar ta Suwidin, suka amsa a 2007. Sun ba marasa lafiya ma'auni daga sifili zuwa 10, sifili babu zafi, 10 zafin da ba a iya ɗauka. Suka yarda zafi ya kai har 5 a lokacin aiki, bisa sharaɗi biyu: ya lafa kafin washegari da safe, kuma kada ya riƙa ƙaruwa daga mako zuwa mako. Waɗanda suka ci gaba da gudu a kan wannan ƙa'ida, tare da motsa jijiyar, sun samu sauƙi daidai da waɗanda aka hana gudu.

A 2015 kuma wani rukunin masu bincike a Kwafanhagan ya gwada hanyar Alfredson da wata sabuwa a kan mutum 58. Sabuwar ita ce nauyi mai yawa a hankali: sau uku kacal a mako, daƙiƙa uku ana hawa, daƙiƙa uku ana sauka. An fara da nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau 15 kawai, ana ƙara nauyi ana rage yawa, zuwa 12, zuwa 10, zuwa 8, har a makonni huɗun ƙarshe aka kai nauyin da ba a iya wuce sau 6 da shi. Bayan mako 12, da kuma bayan shekara guda, duka rukunonin sun samu sauƙi kusan iri ɗaya. Bambancin yana wurin dagewa: masu sau uku a mako sun cika kashi 92 cikin 100 na aikinsu, masu safe da yamma kashi 78.

Darasin a bayyane yake. Ba saukowa kaɗai ke magani ba, nauyin ne da kuma jinkirin. Gaggawa da tsalle su suke sa jijiya ta yi aikin da ke fusata ta, jinkiri kuwa yana barin ƙarfin ya daɗe yana ratsa ta ba tare da fizga ba. Ranar hutu a tsakani ita ma tana da dalili: a yini ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan aiki mai nauyi, rushewar zare takan fi saƙawa yawa, sai daga baya saƙar ta rinjaya.

Yadda mako 12 zai kasance a gida

Binciken Denmak da injinan gidan motsa jiki aka yi shi, amma ƙa'idarsa tana yiwuwa da abin da ke cikin gida. Mu ɗauki misalin magidanci ɗan shekara 46, mai kilo 80, ɗan tsakiya a ƙungiyar tsofaffin 'yan wasa. Wata biyar ke nan agararsa ta dama tana ciwo, yatsu uku sama da dunduniya. Da safe sandarewar takan ɗauki minti 20, zafin takun farko yana kai 6. Likita ya duba ya tabbatar jijiyar ba ta tsinke ba.

Ranar farko gwaji zai yi. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa, yatsun hannu a bango don kada ya faɗi, ya yi ɗage ya sauka, ya ƙirga sau nawa zai yi kafin dunduniyar ta kasa kaiwa sama sosai. A ce hagu ta yi 22, dama ta yi 9. Wannan giɓin shi ne aikin da ke gabansa. Ya rubuta a littafi, tare da zafin safe da tsawon sandarewa, kuma ya riƙa rubuta waɗannan biyun kowace safiya.

A mako biyun farko ya ajiye wasa da tsalle, amma ba tafiya ba. Ya tsaya da ƙafa biyu a ƙasa, ya hau a daƙiƙa uku, ya sauka a daƙiƙa uku, zubi uku na sau 15, da hutun minti biyu a tsakani. Ƙirgar a baki za a yi ta, domin daƙiƙa uku ta fi yadda ake zato tsawo, kuma zubi guda ya kamata ya ci minti ɗaya da rabi. Nauyi ya bi ta kan babban yatsa da na kusa da shi, kada idon sawu ya karkace waje. Bayan wannan sai na zaune: ya zauna a kujera, gaban tafin ƙafa a kan bulo ko katako, ya ɗora jarkar ruwa a kan gwiwa da ƙyalle a ƙarƙashi, ya ɗaga dunduniya ya sauke da irin wannan jinkirin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 20 ma'auni ce da za a iya ƙarawa ko ragewa yadda ake so. Wannan na zaunen shi ke kama tsokar ƙasa, wadda ta fi ɗaukar aiki a lokacin gudu kuma aka fi mantawa da ita.

Daga mako na uku ya koma sau uku a mako, misali Asabar, Litinin da Laraba, ya fara matsar da nauyi kan ƙafar dama. A tsaye da ƙafa biyu kowace tana ɗauke da kilo 40 ne, da ya koma ƙafa ɗaya ya ninka zuwa 80 nan take. Don haka a ratsa ta tsakiya: ya hau da biyu ya sauka da ɗaya, sai bayan kwanaki ya hau ya sauka da ɗaya. Idan wannan ya zauna, ya koma bakin matakala ko dakali, dunduniya tana sauka ɗan ƙasa da bakin.

Wajen mako na shida sai jaka. Leda guda ta fiya wata, ƙulli 20 na rabin lita, kilo 10 ce cif. Ya fara da ƙulli 10 a jakar goyo, ya riƙa ƙara biyu ko huɗu. Ƙa'idar zaɓen nauyi ɗaya ce: idan an ce sau 8, to na bakwai da na takwas su zama da ƙyar. Idan ya gama yana jin zai iya ƙara biyar, nauyin ya yi kaɗan. Daga nan zuwa mako na 12 ya tafi zubi huɗu na sau 8, sannan na sau 6, jakar ta kai kilo 15 ko 20. Na zaune kuma jarka ɗaya takan yi kaɗan da wuri, sai a nemi buhun yashi ko injin gidan motsa jiki idan akwai.

A ce a mako na biyar abokai sun matsa, mutum bai cika ba, ya shiga ya buga minti 60. Washegari zafin safe ya tashi daga 3 zuwa 7, sandarewa ta koma rabin awa. Wannan ba rushewar aikin ba ce, kuma ba dalilin dainawa ba ne. Ya huta kwana biyu, ya koma matakin makon da ya gabata, ya jira lambobin safe su sauko inda suke, sannan ya ci gaba. Littafin shi ke nuna masa gaskiya, domin zafin da ake ji a fili ba abin dogaro ba ne. Na washegari da safe shi ne alƙali.

Idan komai ya tafi daidai, a ƙarshen mako 12 zai iya ganin zafin safe ya sauko zuwa 1 ko 2, sandarewa ta koma minti biyu ko uku, ƙafar dama ta yi 18 ko 20 a gwaji. Ƙullin da ke jikin jijiyar yana iya kasancewa yana nan. Wannan ba abin damuwa ba ne, domin aiki da rashin zafi ake nema, ba sirantaka ba.

Idan ciwon a mahaɗa yake

Mai ciwo a bayan ƙashin dunduniya kada ya bari dunduniyarsa ta sauka ƙasa da bakin matakala. Idan tafin ƙafa ya lanƙwaso sama, jijiyar tana matsuwa a jikin ƙashi daidai wurin da ke ciwo. Rukunin Alfredson da kansu sun ga haka: da tsarin matakala kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai na masu ciwon mahaɗa suka gamsu, amma da suka mayar da aikin kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a binciken 2008, sai adadin ya kai kusan biyu cikin uku.

Wannan matsuwar ce ke faruwa a dogon tsuguno, ko a banɗakin tsuguno ko wajen alwala, haka ma a hawan tudu da jan ƙafa a jikin bango da 'yan wasa ke yi kafin wasa. A rage su na ɗan lokaci, a nemi 'yar kujera wajen alwala. Silifa fale-fale da yawo ba takalmi suna ƙara jan wurin. Takalmi mai ɗan tudun dunduniya, kamar santimita ɗaya, wanda bayansa ba ya gogar ƙashin, yakan kawo sauƙi har jijiyar ta yi ƙarfi. Ciwon mahaɗa ya fi taurin kai, don haka a ba shi lokaci fiye da wancan.

Inda ake yin tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rashin nauyi. Mutum ya yi wata uku yana ɗage da ƙafa biyu a ɗaki, sannan ya ce ya gwada bai yi ba. Jijiyar da za ta ɗauki kilo 500 a fili ba za ta shirya da kilo 40 ba. Na biyu shi ne dainawa a mako na huɗu ko na shida saboda zafi ya tafi. Zafi yakan riga ƙarfi tafiya, kuma wanda ya koma fili a wannan lokacin yakan dawo da ciwonsa cikin wata guda.

Na uku shi ne neman gajeriyar hanya. Allurar kashe kumburi a jikin agara takan ɗauke zafi na 'yan makonni, amma sauƙin ba ya ɗorewa shi kaɗai, kuma likitoci da yawa suna gudunta saboda fargabar raunana jijiyar. Haɗiyar ƙwayar kashe zafi kafin wasa tana toshe saƙon da ya kamata a saurara, ga illarta ga ciki da ƙoda, musamman ga mai hawan jini ko sukari. Tausa da ruwan ɗumi suna sa a ji daɗi, ba laifi, amma ba sa ƙara wa jijiya ƙarfi. Tsaga ko ƙaho a kan agara kuwa a guje su, domin fatar wurin siririya ce, jininta kaɗan ne, miki a nan yana da wuyar warkewa.

Idan an yi mako 12 da gaske, da nauyi da littafi, babu wani canji, a koma asibiti, musamman sashen gashi, wato wurin likitocin fisiyo. Za su sake duba ko agara ce ma ke ciwon, su auna sukari da kitsen jini, wataƙila su yi hoto. Tiyata ba a maganarta sai an yi aƙalla wata shida ana motsa jijiyar yadda ya kamata ba a dace ba.

Komawa fili

Nauyi a hankali yana gina ƙarfi, amma ƙwallo fizga ce, don haka sai an koya wa jijiyar sauri daga baya. Idan ƙafar mai ciwo ta kusa kamo 'yar uwarta a gwaji, kuma tafiya da sauri ta rabin awa ba ta ƙara zafin safe, a fara sassarfa: minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya, sau shida ko takwas. Bayan mako biyu ko uku a ƙara ƙananan tsalle da ƙafa biyu, sannan da ɗaya, sannan gudu da ƙarfi a miƙe, sai juyi da birki a ƙarshe. Tsakanin kowace rana mai tsanani da ta gaba a bar kwana biyu ko uku. Wasan farko ya zama minti 20, a faɗa wa kyaftin tun kafin a fara, kuma a fita ko da ana jin daɗin wasan.

Daga ranar fara motsa jijiya zuwa buga cikakken wasa ba fargaba, wata shida abu ne da aka saba gani, wasu har shekara. Bayan an koma kuma, kada a ajiye jakar. Zubi uku ko huɗu sau biyu a mako sun isa riƙe abin da aka gina, kuma sun fi muhimmanci a lokacin da ba a wasa: watan azumi bayan an sha ruwa, lokacin tafiya, ko makonnin da damina ta cinye fili. Wanda ya riƙe wannan minti goma sha biyar ɗin a lokacin hutu, ya kuma ba kansa mako biyu ko uku na shiga a hankali kafin gasa, ya toshe babbar ƙofar da ciwon ke shigowa ta cikinta tun farko.